Bankwana da malamar da za ta bi mijinta Legas: abin da ake yi kafin walima da ranar walima

"Assalamu alaikum Hajiya. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnatin jiha a nan Kano. An yi wa mijin malamar lissafinmu canjin wurin aiki zuwa Legas, nan da mako biyar za su tashi, bayan shekara tara muna tare. Ni aka ɗora wa shirya walimar bankwana, mu 24 ne har da ita. Nawa za mu tara, me za mu saya mata, me kuma za a faɗa? Wasu na cewa shagali za a yi, ita kuwa tun da labarin ya zo na ga ba ta da walwala."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah Ya saka miki da alheri da kika lura da fuskarta kafin ki fara lissafin lemo da cincin, domin abin da kika gani a fuskar nan shi ya kamata ya ja ragamar duk shirin.

Na daɗe ina riƙe da kwamitin walwalar ma'aikata a makarantun da na yi aiki, kuma na shirya bankwana iri-iri. Wanda ya yi ritaya ya gama nasa, ana taya shi murnar sauke nauyi lafiya. Wanda aka ƙara wa girma aka kai shi wata makaranta, shi ma murna ce, don gaba ya ci. Amma matar da za ta tashi saboda an canja wa mijinta wurin aiki, lamarinta daban ne. Takardar da ta zo ba sunanta ne a kai ba. Shi maigidan zai sauka Legas ya tarar da ofis da tebur da albashi suna jiransa, ita kuwa za ta bar ajinta, da albashinta, da 'yan adashinta, da gidan iyayenta da take leƙawa ranar Juma'a, ta je garin da ke da nisan kusan kilomita dubu, inda ba wanda ya san ta iya koyar da lissafi. Tana iya son tafiyar har zuciyarta, tana farin cikin iyalinta ba za su rabu gida biyu ba, kuma duk da haka ƙirjinta ya yi nauyi. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Shekara tara ba kwana tara ba ce.

Saboda haka shawarata ita ce ki mayar da walimar ta zama abu na ƙarshe a jerin aikinki. Mako biyar ɗin nan, huɗu daga ciki na sallamarta ne daga duk abin da ya ɗaure ta da makarantar: takardun aiki, adashi, bashi, ajin da take riƙe da shi. Idan waɗannan suka warware, ko zoɓo kaɗai kuka sha ranar za ta tafi da sanyin zuciya.

Takardarta tukuna, kafin a sa rana

Ki same ta ita kaɗai, ba a ɗakin malamai ba, ki tambaye ta a hankali: "Malama, yaya maganar aikinki? Me kika rubuta wa ofis?" Sau da yawa za ki tarar ba ta rubuta komai ba, tana ta haɗa kaya da neman wa yara makaranta, ta ɗauka tunda shugabar makaranta ta sani da baki, shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne. Sanin baki ba ya shiga fayil. Ma'aikaciyar da ta daina zuwa aiki ba tare da izini a rubuce ba, a idon dokar aikin gwamnati ta gudu ne daga bakin aiki, kuma hukuncin wannan yana iya kaiwa ga kora. Walimar da kuka yi mata da hotunan da aka ɗauka sai su zama shaidar ranar da ta bar aiki.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗauka yadda aka yi wa miji canji haka ita ma za a yi mata. Da a ce ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, a ɗaya daga cikin makarantun haɗaka, da neman canjin ya zo da sauƙi, don ma'aikatar ilimi ta tarayya tana da makarantu a Legas, kamar kwalejin 'yan mata da ke Yaba da kwalejin tarayya da ke Ijanikin, uban gida ɗaya ne a can da nan. Amma malamarku gwamnatin jihar Kano ce ta ɗauke ta, kuma jihar Kano ba ta da ajin da za ta tura ta a Legas. Hanyoyin da ke gabanta ba su wuce uku ba.

Ta farko ita ce ta nemi hutu ba albashi, ta rubuta ta hannun shugabar makaranta zuwa hukumar da ta ɗauke ta aiki, ta haɗa da kwafin takardar canjin mijin da shaidar aure. Wannan ita nake fara ba kowa shawara a kai, musamman matan jami'an tsaro da kwastam da ma'aikatan banki, waɗanda yau suna Legas, bayan shekara biyu ko uku a sake ɗaga su. Hutun yana riƙe mata gurbinta da shekarun aikinta. Sai dai roƙo ne, ana iya amincewa ana iya ƙi, kuma yana da wa'adi, idan ya ƙare sai ta dawo ko ta nemi ƙari kafin ya cika. Ta biyu ita ce mayar da aikinta kacokan zuwa wata hukumar, wanda ba ya yiwuwa sai can sun ba ta gurbi a rubuce, nan kuma sun sake ta a rubuce. Wannan yana cin watanni, kuma samun gurbi a aikin wata jiha ga wanda ba ɗan asalinta ba abu ne mai wuya, kada ta jingina tafiyarta da shi. Ta uku ita ce ajiye aiki, da sanarwar da takardar ɗaukarta ta tanada, wadda galibi wata guda ce ko a biya albashin wata a madadinta. Idan wannan ta zaɓa, mako biyar ya isa, amma fa sai ta miƙa takardar a makon nan. Kafin ta miƙa kuma ta je ofishin fansho ta ji matsayin abin da aka cire mata na shekara tara, don tsarin fanshon jiha daban yake da na tarayya, kuma jami'in da ke riƙe da fayil ɗinta shi ne mai maganar ƙarshe a kan wannan, ba ni ba, ba kuma shugabar makaranta ba.

Akwai wata hanya ta huɗu da za ki ji ana raɗa mata, ina roƙonki ki hana ta. Wato ta tafi shiru, a samo wata mai neman aiki ta riƙe mata ajin, albashi na shiga ana rabawa. Na ga inda aka yi haka. Shekara ɗaya da 'yan watanni abin ya tafi lafiya, sai tantance ma'aikata ta zo ba zato, aka nemi malamar a tsaye da katinta, ba ta nan. Ita ta rasa aikin, aka bi ta bashin albashin da ta karɓa, shugaban da ya rufa mata asiri shi ma ya sha tambayoyi. Ban da haka ma, albashin aikin da mutum bai yi ba, ba abin da za a so ya ci da iyalinsa ba ne.

Sai kuma ajin. Idan tana da 'yan ajin ƙarshe masu jiran jarrabawar WAEC ko NECO, ku zauna da ita da wadda za ta gaje ta tun yanzu. Ta rubuta inda ta tsaya a manhaja, aji-aji, ta miƙa makin gwajin da ta riga ta yi, da rajista, da littattafan makaranta da makullin kabad, a sa hannu a takardar miƙa aiki, ta riƙe kwafi ɗaya. Malamar lissafi tana san yarinyar da ke gane darasi amma tsoro ke hana ta ɗaga hannu, da wadda ba ta iya jadawalin sau ba har yanzu tana ɓoyewa. Wannan ilimin ba ya cikin rajista, sai an zauna an faɗa da baki. Wasu matan ma, idan zangon karatu ya kusa ƙarewa, sukan shawarta da maigida ya riga su tafiya ya kama gida, su kuma su ƙarasa zangon tare da yaransu. Idan ta kawo wannan tunanin ki ƙarfafa mata, amma shawarar tasu ce su biyu.

Adashi da bashi

Wannan shi ne abin da ya fi ɓata zumunci bayan tafiya, kuma shi ne wanda kowa ke jin nauyin ɗagawa. Bari in ba ki misali daga wata malamar kimiyya da muka sallama, mijinta ma'aikacin banki ne aka mayar da shi Ibadan. Muna adashin mutum 10, zubin naira 10,000 duk wata, kwasa 100,000. Ita ta kwasa a wata na uku, tafiyar kuma ta zo bayan zubi na shida. Ke nan ta zuba 60,000, ta karɓi 100,000, saura zubi huɗu a kanta, naira 40,000, kuma mutum huɗu ne ba su kwasa ba suna kallon wannan kuɗin. Ba wanda ya yi magana, amma na ga yadda huɗun nan suka yi sanyi da maganar karo-karon walima. Mutum ba ya sakin hannu ya yi wa wanda yake tsoron zai tafi da kuɗinsa kyauta.

Abin da muka yi shi ne, uwar adashi ta same ta a gida, ta shimfiɗa mata lissafin, ta ce ta zaɓa: ko ta biya 40,000 gaba ɗaya kafin tafiya, ko ta ci gaba da turowa ta banki duk wata, tare da wata a cikinmu da za ta tsaya mata idan an samu jinkiri. Ta ce hidimar tashi ta cinye hannunta, ta biya zubi biyu nan take, sauran biyun ƙanwarta da ke gari ta tsaya mata. Aka rubuta a littafin adashi, aka sanar da 'yan adashi cewa maganar ta ƙare. Washegari karo-karon ya tafi ba gardama.

Idan kuma taku malamar ba ta kwasa ba tukuna, to ita ke bin ku. Abin da ya fi kyau a nan shi ne wadda kwasarta ta zo a watan nan ta yi musanya da ita, ta karɓi kuɗinta a lokacin da ta fi bukatarsa, ta ci gaba da zubi daga can. Wallahi wannan musanyar ta fi mata kowace atamfa da za ku saya. Haka za a bi bashin ƙungiyar taimakon juna idan tana ciki, da kuɗin kayan da ta ɗauka a hannun masu sayar da atamfa da turare a ɗakin malamai, da wanda ita take bin wasu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a tambaya. Abu ɗaya kawai: kada a taɓa cire bashinta daga kuɗin walima ba da saninta ba. Kyauta daban, bashi daban.

Nawa za a tara, me za a saya

Ku 23 ne masu bayarwa idan an cire ta. Kada ki yanka kuɗi ɗaya a kan kowa, don albashin mataimakiyar shugaba ba ɗaya yake da na sabuwar malama ko masinja ba. Ni nakan kasa gida uku in faɗi adadin a matsayin shawara. A ce manya biyar su ba da 5,000 kowacce, ya zama 25,000. Na tsakiya goma sha biyu su ba da 3,000, ya zama 36,000. Ƙanana shida su ba da 1,000, ya zama 6,000. Jimla 67,000. Ki daidaita adadin da ƙarfin mutanenki, ke kika san su. Ki sa ranar rufe karɓa ta faɗo kwana biyu ko uku bayan shigar albashi, don wanda aka tambaya a tsakiyar wata ko yana so ba shi da shi. Mutum biyu su riƙe lissafi, ke da wata. A sanar da jimlar abin da aka tara da yadda aka kashe, amma kada a liƙa sunaye da abin da kowa ya bayar, kuma kada a bi wanda bai bayar ba da tuni a gaban jama'a. Katin da za a ba ta kowa ya sa hannu, da mai bayarwa da wanda bai samu dama ba.

Wajen kashewa, ƙa'idata ita ce ciki kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku. Daga 67,000 ɗin nan, 20,000 ta isa zoɓo da kunun aya da cincin da ɗan abin taɓawa, musamman idan malamai biyu ko uku suka ɗauki nauyin yi a gida. Kuskuren da na fi gani shi ne a kashe kusan duk kuɗin a shinkafa da kaji da hayar rumfa da anko, a ci a watse, a miƙa wa mai tafiya agogon bango. Maganar anko ma ki kashe ta tun ba ta yi ƙarfi ba, ƙarin nauyi ne a kan mutane, ita kanta sai ta cire kuɗi ta ɗinka.

Sai kyauta ta kamar 15,000, sauran 32,000 kuma a sa mata a ambulan ko a tura asusunta a matsayin guzuri. Wasu za su ce kuɗi ba ya zama abin tunawa. Gaskiya ne, amma ki tuna wata mai zuwa wataƙila ba ta da albashi, kuma matar da ta saba da kuɗin hannunta shekara tara, ranar da za ta fara tambayar kuɗin kati sai ta ji wani iri, komai kirkin mijin. Ɗan abin da ke hannunta na kanta a makonnin farko yana da daraja fiye da adadinsa.

Ita kyautar kuma ki auna ta da mota. Mai tashi zuwa Legas rage kaya take yi, tana rabar da wasu, don kuɗin ɗaukar kaya da yawansu yake tafiya, gidajen can kuma ba su da faɗin tsakar gida irin namu. Saitin tangaran, babban hoto mai gilashi, kula mai girma, duk nauyi ne kuma suna fashewa a hanya. Abin da ke yi wa Bakanuwa daɗi a can shi ne abin da ke ɗauke da ƙanshin gida: kuka mai kyau, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji dakan gida, turaren wuta da humra. Ba wai babu su a Legas ba, akwai Hausawa da yawa a Agege da Idi-Araba, kuma ana samun kayan miyar Arewa. Amma baƙuwa ba ta san hanya ba tukuna, kuma na Kasuwar Rimi da aka zaɓa mata da hannu daban ne. Ki kula da abu ɗaya: iskar Legas tana da laima, ba irin busasshiyar iskarmu ba. Kuka da yaji da aka ƙulle a leda sukan dunƙule su yi fumfuna cikin 'yan makonni, musamman da damina. A shanya su sosai, a zuba a robobi masu murfin da ke kamawa gam, kuma kada a cika yawa, na wata biyu zuwa uku ya isa. Idan kuɗi ya ragu, turmin atamfa ɗaya daga Kantin Kwari ba ya da nauyi.

Akwai kyautar da ba ta cin ko kwabo, kuma ita na fi so ki dage a kai. Ki roƙi shugabar makaranta ta rubuta mata takardar shaidar aiki a kan takardar makaranta mai hatimi, a faɗi shekarun da ta yi, da azuzuwan da ta koyar, da muƙaman da ta riƙe, da lambar da za a kira don tabbatarwa. Malaman lissafi ana nemansu a makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya a ko'ina, kuma rajistarta ta hukumar malamai ta ƙasa, wato TRCN, tana aiki a kowace jiha. Da wannan takardar a jakarta, ranar da ta shirya neman aiki ba za ta fara daga ƙasa ba. Karɓarta tana nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ta riƙa bugo waya daga Legas tana roƙo.

Ranar walima

Ki sa ranar kamar kwana bakwai zuwa goma kafin tafiya. Makon ƙarshe na dangi ne da ɗaure kaya, ba za ta samu natsuwa ba, kuma ranar tashi takan matso ba zato idan motar kaya ta samu. A yi a makaranta bayan an tashi, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a gama kafin la'asar ta yi nisa don masu ɗauko yara. Kada a yi mata ba-zata. Ki gaya mata ranar, ki tambaye ta ko tana son ɗalibai su shigo, ko tana son a gayyaci maigidan, ko tana yarda a ɗauki hotonta a yaɗa. Wata za ta so, wata ba za ta so ba, wani mijin ma ba ya son hoton iyalinsa yana yawo a wayoyi, musamman masu aikin ɗamara, waɗanda ba a son a riƙa shelar inda aka kai su da ranar da za su kama hanya.

Masu magana kada su wuce uku ban da ita: shugabar makaranta, sai aminiyarta a cikin malamai, sai ɗaliba ɗaya idan ta amince. Ki gaya wa kowacce tun da wuri cewa minti uku zuwa biyar ne, kuma ta zo da abu ɗaya takamaimai da ta gani da idonta. "Malama mutuniyar kirki ce mai haƙuri" ana faɗa wa kowa, ba ya zama a zuciya. Amma idan aka ce, shekarar da aka rasa malamin lissafi a ajin ƙarshe ita ta haɗa aji biyu tana zuwa ranar Asabar ba a biya ta ko sisi ba, wannan za ta tafi da shi, don ya nuna mata an gani. Matar da za ta je inda za a san ta da matar wane kawai, tana bukatar ta ji daga bakinku cewa ita malama ce, kuma ta iya aikinta.

Sai ki ja kunnen masu barkwanci tun kafin ranar. Akwai maganganun da ake yi da kyakkyawar niyya amma suna suka. "Ke kam kin huta da alli, sai cin daɗi" yana nuna aikin da take kukan rabuwa da shi ba komai ba ne. "Legas ai ba wurin zama ba ne" da labaran cunkoso da tsadar haya suna ƙara mata tsoron da take fama da shi da dare. Wasan "gara da kika bi shi kafin wata ta ɗauke miki shi" yana sa dariya a ɗaki, amma ba ki san abin da ke cikin gidan mutane ba. Haka nan kada kowa ya ɗora wa mijin laifi, ko da wasa, shi ma umarni aka ba shi. Kuma kada a mayar da taron wa'azin biyayyar aure. Ta riga ta yanke shawarar bin mijinta, da aikinta ta biya, ba ta bukatar a karanta mata abin da ta riga ta aikata.

Neman gafara shi ne zuciyar bankwanarmu, kuma a nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin zafinsa. A wata walima na buɗe fili na ce duk mai abin faɗa ya faɗa a yafi juna. Sai wata ta miƙe ta ce ta yafe, amma tana so a san abin da aka yi mata shekara biyu da suka wuce a kan rabon jadawali, ta kawo labarin tun daga tushe. Mai tafiyar ta tsaya kare kanta, taro ya rabu biyu, aka tashi ba a ko yi addu'a a natse ba. Tun daga ranar na canja tsari. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, a shekara tara dole akwai wadda suka taɓa samun saɓani da ita, kuma ke kin san ko wace ce. Ki haɗa su su biyu a ofis kwanaki kafin walima, da wata babba da dukansu ke jin nauyinta, su gama a can. Ranar taro kuma a yi shi a dunƙule: ita ta ce duk wanda ta ɓata wa ya yafe mata, shugaba ta amsa a madadin kowa cewa an yafe, ita ma ta yafe, ba a ambaci wani laifi da suna ba.

Idan kuka ya zo mata, a bar ta ta yi. Kada a yi ta "haba Malama, sai ka ce mutuwa". A miƙa mata ruwa, aminiyarta ta zauna kusa da ita, idan ta kasa magana wata ta yi godiya a madadinta.

A rufe da addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa matafiyi, wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar. Ga mace ana cewa: "Astaudi'ullaha dinaki wa amanataki wa hawatima amaliki", wato ina ba Allah ajiyar addininki da amanarki da ƙarshen ayyukanki. Ki sa a faɗi ma'anar da Hausa don kowa ya ji abin da yake cewa amin a kai. Idan akwai abokan aiki Kiristoci a cikinku, a ba ɗaya daga cikinsu dama ta yi mata fatan alheri, su ma shekara taran nan da su aka yi.

Bayan mota ta tashi

Makon farko wayarta ba za ta huta ba, kowa na tambayar an sauka lafiya. Kaɗaicin yana zuwa ne a mako na uku ko na huɗu, lokacin da an gama jera kaya, maigida ya fita tun asuba saboda cunkoso, yara sun tafi makaranta, ita kaɗai a gida a daidai lokacin da ta saba tana gaban allo. Ki rubuta wannan ranar a kalandarki, ku raba tsakaninku mutum uku ko huɗu, kowacce da makon da za ta kira, kira na murya ba saƙo ba. Zauren WhatsApp na sanarwar aiki dole a cire ta idan takardarta ta fito, amma a gaya mata kafin a cire, kada ta wayi gari ta ga an fitar da ita. Na zumunci kuwa, inda ake sanar da suna da biki da rasuwa, a bar ta a ciki.

Tun yanzu kuma ki tambayi malamai wa ke da 'yar'uwa ko ƙawa mai aure a Legas, a unguwar da za su zauna ko kusa da ita, don garin yana da faɗi, wadda ke Agege ba lallai ta iya leƙa wadda ke Apapa a kai a kai ba. Idan an samu, a nemi izinin ɓangarorin biyu, a haɗa su a waya kafin tafiya, domin ranar da ta sauka akwai wadda za ta nuna mata kasuwa da asibiti da Islamiyyar yara. Idan hutu ba albashi ta ɗauka, wata a cikinku ta riƙe kwafin takardar amincewar da ranar da wa'adin zai cika, ta tuna mata saura wata uku, don ta samu lokacin rubuta neman ƙari ko shirin dawowa.

Allah Ya kai su lafiya, Ya sa garin ya karɓe su, ke kuma Ya ba ki ikon sauke wannan amanar.